Kaktus ɗinka ya yi laushi ya koma ɗorawa bayan ruwan marka? Ga yadda za ka ceto shi

Duk shekara da zarar watan Agusta ya kama, ruwa ya fara zuba ba ƙaƙƙautawa, sai ka ji masu ajiye fulawa a tsakar gida suna ƙorafi iri ɗaya, wai kaktus ɗin da ya shekara biyu ko uku lafiya lau ya fara canja kala, koren ya dushe ya koma ɗorawa-ɗorawa, in ka danna gindin sai ka ji yatsa na nutsewa kamar a jikin nunannen tumatir. Ni ma abin ya same ni a Zariya, kuma ya yi min ciwo sosai don ina son shukar nan, shi ya sa nake so in yi bayanin dalla-dalla yadda mutum zai bi ya ceto abin da ya rage.

Da farko dai a gane cewa jiƙewa da ruwan sama kaɗai ba ta kashe kaktus. Can inda ya fito, a ƙasashen Amurka, ana yin ruwa mai ƙarfi ya jiƙe shi sharkaf, amma ƙasar wurin tsakuwa ce da yashi, kafin kwana ɗaya ko biyu ta tsane iska ta shiga. Abin da ke kashe shi a wurinmu shi ne ruwan da ya kwanta a gindinsa ya ƙi tafiya. Saiwa tana numfashi kamar yadda kowane abu mai rai ke yi, iskar da take shaƙa kuma tana cikin 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, toh in ruwa ya cike ƙofofin nan kwana uku, huɗu, sati, sai ƙananan saiwoyin su shaƙe su mutu, in sun mutu sai ƙwayoyin cutar da tun da ma suke nan cikin ƙasa su samu ƙofar shiga, su bi ta jijiyar da ke tsakiyar jikin su yi sama. Shi kuwa jikin kaktus kusan duk ruwa ne ajiye, ruɓa in ta shiga gudu take yi. Launin ɗorawar da kake gani a waje labari ne da ya iso a makare, aikin ya daɗe da farawa a ƙasa inda ido ba ya kaiwa.

Saboda haka ranar da ka lura, ranar za ka tashi. Kar ka ce bari rana ta fito ya bushe da kansa, a marka rana ba ta da tabbas, kuma kwana uku na jira zai iya zama bambanci tsakanin ka ceto rabin shukar da ka zubar da ita gaba ɗaya.

Mataki na farko: ka tabbatar ruɓa ce

Ba kowace ɗorawa ce ruɓa ba, kuma ban so mutum ya ɗauko wuƙa ya sassare shuka mai lafiya. Ka samu bayan cokali ko ɗan itace mara tsini, ka danna jikin a hankali daga gindi ka yi sama. In gindin ne ya yi laushi, kalar ta tashi daga ɗorawa zuwa ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi, fatar ta yi kamar an jiƙa takarda da mai, wannan ruɓa ce. Ka sunkuya ka shinshina, ruɓa tana da wari irin na dankalin da ya lalace a buhu. In ka ɗan girgiza shukar ka ji tana lilo cikin tukunya kamar haƙorin da zai fita, saiwa ta tafi.

In kuwa ɗorawar a gefe ɗaya take, gefen da rana ke duka, kuma wurin da tauri a bushe, wannan ƙunar rana ce, tabo zai zama amma ba ya yaɗuwa. In gindin tsohon kaktus ya koma ruwan ƙasa da kaushi kamar ɓawon itace kuma da ƙarfi in ka danna, tsufa ne kawai, ka bar shi. Wani lokacin ma bayan ruwa mai yawa sai ka ga jikin ya tsage a tsaye saboda ya sha ya ƙoshi fatar ta kasa ɗauka, in tsagar a bushe take ba ta fitar da ruwa, ka kai shi inda ruwa ba ya taɓa shi za ta warke da kanta. Sannan akwai 'yan ƙananan nan da ake sayarwa masu kai ja ko ɗorawa a saman koren gindi mai kusurwa uku, su kalar kan nasu haka take tun asali, aure aka yi musu da wani gindin, abin dubawa a jikinsu shi ne koren gindin, don shi ne ke saurin ruɓewa.

Wani abu kuma mai muhimmanci kafin ka taɓa wuƙa. Da yawa daga abin da muke kira kaktus a gidajenmu ba kaktus ba ne, dangin kyarana da tinya ne, irin waɗanda ake shinge da su a ƙauyuka. Kama suka yi kawai. Yadda za ka bambance, ka ɗan soka allura a jiki, in farin ruwa kamar madara ya fito toh ka ɗauke shi a matsayin dangin kyarana. Aikin ceton iri ɗaya ne, amma wannan farin ruwan guba ne, yana ƙona fata, in ya shiga ido kuwa abin ba wasa ba ne, sai a yi ta wankewa da ruwa mai yawa a wuce asibiti. Ka sa safar hannu, ka sa tabarau, ka kori yara daga wurin.

Mataki na biyu: fitar da shi daga ruwan, ka duba saiwa

Ka ɗauke tukunyar ka kai baranda ko shirayi, duk inda ruwa ba ya feshi amma iska na wucewa kuma da haske. Kar ka kai ɗaki mai duhu ka rufe, danshin ɗaki a damina ya ishi ruɓa ta ci gaba da aikinta. In akwai faranti a ƙarƙashin tukunyar ka zubar da ruwan ka ajiye farantin gefe sai rani.

Daga nan sai ka zare shi daga tukunyar. Mutane da yawa nan suke tsayawa, suna tsoron ƙaya ko suna tsoron kar su dame shi, amma ba yadda za ka san halin da saiwa ke ciki in ba ka gani da idonka ba. Ka naɗe tsohuwar jarida ko kwali riɓi huɗu ko biyar ka zagaye jikin da shi kamar ɗamara, ka kwantar da tukunyar a gefe, ka bubbuga gindinta, ka jawo a hankali. In tukunyar ƙasa ce ta riƙe gam, fasa ta ya fi ka fizgi shukar. Mai faffaɗan jikin nan kamar tafin hannu shi ya fi wahalar riƙewa saboda ƙananan ƙayoyinsa masu kamar gashi, suna shiga fata su ƙi fita, in sun same ka ka manna salatif a wurin ka ɓare.

Ka kakkaɓe jiƙaƙƙiyar ƙasar duka da yatsa ko tsinke. Saiwa mai rai fara ce ko ruwan madara, in ka ja ta a hankali tana da ƙarfi. Matacciya baƙa ce ko ruwan ƙasa mai duhu, tana da santsi, in ka murza sai ɓawon ya saɓule ya bar ɗan zare a hannunka. Abin da ka gani a nan shi zai nuna maka hanyar da za ka bi.

In gindin shukar da tauri, saiwoyi kaɗan ne suka mutu, ka yi sa'a. Ka yanke matattun da almakashi mai tsafta har sai ka kai ga fari, ka kwantar da shukar a kan kwali a inuwa saiwar a buɗe kwana biyar zuwa sati, sannan ka dasa a busasshiyar ƙasa sabuwa. Ba abin da zai same shi don ya yi sati a waje, ruwan da ke jikinsa ya ishe shi wata da watanni. In kuwa laushin ya hau jikin shukar, toh sai yanka.

Mataki na uku: yanka, kuma nan ne ake yawan kuskure

Bari in ba da labarin nawa don a ga yadda abin yake a aikace. Dogon nan ne mai kama da sanda mai kusurwoyi, tsayinsa ya kai wajen santimita 70, na saya a wurin masu sayar da fulawa na bakin titi cikin baƙar leda, na zo na juye shi da ƙasarsa gaba ɗaya cikin bokitin fenti da na huda wa rami ɗaya da ƙusa, na ajiye shi jikin bango daidai inda ruwan kwano ke sauka. Rani biyu ba matsala. Damina ta uku, bayan an kwana huɗu ana ruwa, na fito da safe na ga ya ɗan karkata, gindin ya yi kalar ɗorawa mai duhu wajen faɗin tafin hannu daga ƙasa. Da na ɗaga bokitin sai na ji nauyi kamar an cika shi da ruwa, ashe laka ta toshe ramin ƙusar tuntuni.

Na samu wuƙa mai kaifi mara haƙora, na goge ta da sifirit. Na yi yankan farko kamar yatsa uku sama da inda laushin ya tsaya, a waje wurin kore ne shar kuma da tauri, amma da na duba fuskar yankan sai ga zobe mai ruwan ƙasa a tsakiya. Kaktus yana da wani zobe a cikinsa, nan ne hanyar ruwa take, kuma ta nan cutar ke hawa tana riga abin da ake gani a fata. Na sake goge wuƙar na ƙara yanka sama da yatsa biyu, zoben ya yi haske amma akwai ɗigo biyu ja-ja kamar tsatsa. Gaskiya a nan zuciyata ta so in tsaya, don ina ganin shukar tana ta gajarcewa a hannuna. Na daure na sake gogewa na sake yanka, sai a karo na huɗu fuskar ta fito tas, fari-kore kamar cikin kokwamba, ba ɗigo ko ɗaya. Abin da ya rage min bai fi santimita 30 ba.

Ɗigon nan guda ɗaya in ka bar shi, bayan sati za ka dawo ka tarar ya zama baƙin tabo ya cinye sauran. Shi ya sa nake cewa a yanka har sai an daina ganin komai, sannan a ƙara siririn yanka ɗaya a sama don kwanciyar hankali. Goge wuƙa tsakanin kowane yanka kuma dole ne, in ba haka ba da hannunka kake ɗaukar cutar daga ruɓaɓɓen wuri kana shafa ta a lafiyayye. In ba sifirit, ka haɗa bilic kashi 1 da ruwa kashi 9 ka tsoma wuƙar, ko ka gasa bakinta a wuta ka bari ta huce.

Bayan yankan ƙarshe ka ɗan fere gefen fatar zagaye, kaɗan dai, kamar yadda ake fara fiƙe fensir. Dalili shi ne in wurin ya bushe naman ciki yana shigewa ciki, fatar mai tauri ta tsaya a waje kamar bakin kofi, sai tsakiyar da saiwa za ta fito ta kasa taɓa ƙasa. In dangin kyarana ne ka ɗauraye yankan da ruwan sanyi har farin ruwan ya daina fita, ka tsane da tsumma. Wasu suna barbaɗa garin farar wuta ko garin gawayi a wurin, ni gawayi na daka na barbaɗa sama-sama, yana taimakawa wurin ya bushe, amma kar ka ɗauka magani ne da zai gyara yankan da ba a kai ga lafiyayyen nama ba. Man shafawa, fenti, kakin kyandir, duk kar ka sa, rufe danshi suke yi a ciki.

Mai faffaɗan jikin ya fi sauƙi, ba sai ka yi ta yanka ba, ka ɓalle lafiyayyun faifan daga gaɓa, kowanne ɗaya shuka ne. Dunƙulallen nan mai kama da ƙwallo shi ne mai wuya, don gajere ne, ruɓa ba ta da nisan tafiya kafin ta kai tsakiyar kansa. In ka yanka ka ga ruwan ƙasa ya kai har saman, ko ka danna kan ya nutse, wannan ya riga ya tafi, sai haƙuri. Ka duba ko yana da 'ya'ya a gefe masu tauri, ka cire su ka duba gindin kowanne, su ne za su maye gurbinsa.

Ruɓaɓɓen gindin da tsohuwar ƙasar ka ƙulle a leda ka zubar, kar ka juye su gindin wata fulawa. Tukunyar in za ka sake amfani da ita ka wanke da ruwan bilic ɗin nan ka shanya ta bushe.

Mataki na huɗu: shanya, da haƙurin jira

Yanzu kana da guntun kaktus ba saiwa, da ɗanyen ciwo a gindi. Ciwon nan sai ya bushe ya yi ɓawo mai tauri kafin ya taɓa ƙasa. Ka ajiye shi a inuwa mai haske inda iska ke kaɗawa, rana kar ta doki yankan kai tsaye. In dogo ne ya fi kyau ka tsayar da shi a tsaye cikin tukunyar da ba komai, ka tokare da kwali yadda gindin ba zai taɓa ƙasan tukunyar ba, don in ya daɗe a kwance kan yakan lanƙwashe ya nufi sama, saiwa kuma ta fara fitowa ta gefen da ke ƙasa.

Kwana nawa? Ya danganta da kaurin yankan da yanayin gari. Da hunturu ne siriri zai bushe cikin 'yan kwanaki, amma a marka iska cike take da danshi, komai yana jinkiri, har wanki ma kowa ya san yadda yake kwana biyu a igiya. Ƙananan 'ya'ya da faifai ka ba su sati ɗaya, mai kaurin damtse sati biyu zuwa uku, babba fiye da haka har wata. Nawa kwana 18 ya yi. Kowace safiya ina juyo gindin in duba, in taɓa da yatsa. Abin da kake nema shi ne wurin ya zama fari-fari ko ruwan toka, a bushe ƙamas, da tauri kamar busasshen ƙanzo. In ka ga baƙin tabo mai laushi ko furfurar fumfuna, ka yanke sama da wurin ka fara lissafi daga farko. In akwai fanka a barandar, kunna ta na 'yan awanni a kwanakin farko yana taimakawa ƙwarai. Zai ɗan yamushe ya rame a wannan lokacin, kar hakan ya sa ka yayyafa masa ruwa.

Mataki na biyar: ƙasa da tukunya

Lokacin da yake bushewa sai ka haɗa ƙasar, don in ka mayar da shi irin ta da, baɗi war haka za ka sake wannan aikin. Baƙar ƙasar da masu fulawa ke cika leda da ita, mai taki da laka, ta dace da fulawa mai ganye amma ga kaktus a damina tarko ce, tana riƙe ruwa kamar soso. Ni da gwangwanin madara babba nake awo: gwangwani 1 na ƙasar lambu mara taki da yawa, gwangwani 1 na yashi mai kaushi, gwangwani 2 na ƙananan tsakuwa masu girman ƙwayar masara zuwa gyaɗa. Tsakuwar marmara tana yi, fasasshen jan bulo da aka gasa ko fasasshiyar tukunyar ƙasa da aka daddaka ma suna yi, in da ɗan gutsattsarin gawayi ka zuba rabin gwangwani.

Maganar yashi a kula. Yashin kogi mai tsakuwa-tsakuwa irin wanda ake kwaɓa kankare da shi ake so. Rairayi mai laushi irin na filasta in ya haɗu da laka toshe ƙofofin yake yi, ƙasar ta daskare kamar bulo, ka ga an gudu ba a tsira ba. Ka tankaɗe yashin da tsakuwar da rariya ka zubar da ƙurar, ko ka wanke su a bokiti har ruwan ya yi haske ka shanya. Gwajin da nake yi kafin in yarda da haɗin, in jiƙa kaɗan in dunƙule a hannu in buɗe, in ya wargaje ya yi, in ya tsaya dunƙule kamar fura sai in ƙara tsakuwa. Sai kuma in cika wata tukunya da shi in zuba ruwa kofi biyu, ya kamata kafin in ƙirga goma ruwan ya fara zuba ta ƙasa.

Tukunya kuwa, ta ƙasa wadda ba a shafa mata fenti ba ta fi roba nesa ba kusa ba, don tana fitar da danshi ta jikinta, yadda randa ke yin gumi. Ramin ƙasa ya kai yatsa ya shiga, in roba ce ko bokiti a huda huɗu ko biyar da ƙarfe mai zafi. Kar ta yi girma, faɗin yatsa biyu tsakanin jikin shukar da bakin tukunya ya isa, ƙasa mai yawa da ba saiwar da za ta sha ruwanta ita ce ke daɗewa a jiƙe. Akwai al'adar jera duwatsu a gindin tukunya sannan a zuba ƙasa a kai wai don ruwa ya wuce, wannan ba ya aiki yadda ake zato, ruwa yana tsayawa ne a cikin lallausar ƙasar da ke saman duwatsun sai ta ƙoshi sannan ya sauka, ka ga jiƙaƙƙen wurin ya ƙara matsowa kusa da gindin shukar ke nan. Tsakuwar a cakuɗa ta cikin ƙasar gaba ɗaya, ramin kuma a ɗora masa ɗan katanga guda ko guntun ragar sauro don ƙasa kar ta zube.

In ɓawon ya yi, ka zuba haɗin a bushe, ka dasa guntun zurfin santimita 2 zuwa 3 kawai, ka tokare shi da duwatsu ko sanda biyu don kar iska ta kayar da shi, ka zagaye wuyansa da tsakuwa zalla. Sannan ka ƙyale shi. Ba ruwa. Na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi, amma shukar da ba ta da saiwa ba ta da bakin shan ruwa, duk abin da ka zuba ciwon kawai zai jiƙa. Bayan sati uku ko huɗu ka ɗan ɗaga shi a hankali, in ka ji ya riƙe ƙasa saiwa ta fito. Nawa sai a sati na biyar na ji ya kama, lokacin Oktoba ta shigo ruwa ya ja baya, na ba shi rabin kofi a gefen tukunya, ban ƙara ba sai da na soka tsinken tsire har ƙasa ya fito a bushe. Taki kuwa ka manta da shi sai ka ga sabon tsiro kore a kai. Wanda saiwarsa kawai ka rage ba ka yanka jikin ba, shi ma ka ba shi sati ɗaya zuwa kwana goma a sabuwar ƙasa kafin ruwan farko.

Wurin zama da rumfa

Kuskurena mafi girma wurin da na ajiye shi ne. Ruwan sama milimita 1 a kan fili mai faɗin murabba'in mita 1 lita ɗaya ne. Toh ka ɗauka gefen kwanon ɗakinka murabba'in mita 20 ne, aka yi ruwa milimita 30 a dare ɗaya, wanda ba abin mamaki ba ne a Agusta, lita 600 ke nan, durom uku, duk suna sauka a layi ɗaya jikin bango ko ta bakin indararo guda. Tukunyar da ke wurin ta sha ninkin abin da ta tsakiyar fili ta sha sau da yawa. Ka fita lokacin da ake ruwa ka tsaya ka ga inda yake zuba da inda yake taruwa a gidanka, minti biyar sun isa ka gane wuraren da ba za ka ajiye kaktus ba.

Daga Yuli zuwa tsakiyar Satumba ni yanzu nakan jawo su ƙarƙashin baranda ta gefen da ke samun ranar safe, in ɗora kowace tukunya a kan bulo biyu da rata a tsakani yadda ramin ƙasa zai kasance a sarari, don in tukunya na zaune daram a siminti ruwan da ya fito ba shi da wurin zuwa. In ba baranda, ka kafa sanduna huɗu ka ɗora fallen rufi mai wuce haske ko leda mai kauri a sama, a karkace yadda ruwa zai gangara nesa, gefuna huɗu a buɗe. Kar ka lulluɓe shukar kanta da leda, gumi ke taruwa a ciki, rana ta fito ta dafa ta.

Wanda aka shuka a ƙasa ba ya ɗaukuwa, sai dai a gyara masa wurin. Ka tone ƙasar da ta rufe wuyansa da hannu ko ƙaramar fartanya har ka ga inda saiwa ta fara, ka bar wurin ya sha iska, ka ja 'yar hanyar ruwa daga gindin zuwa inda ya fi gangare, ka cire ciyawar da ta kewaye shi don tana riƙe danshi, sannan ka cike ramin da tsakuwa. In gindin ya riga ya yi laushi, kar ka tsaya jiran babban, ka sare lafiyayyun rassa ka bi da su ta hanyar da na faɗa a sama. In za ka sake dasawa a ƙasa, musamman inda ƙasar laka ce, ka yi tudu kamar kunyar dankali mai tsayin santimita 25 zuwa 30 da wannan haɗin mai tsakuwa ka dasa a samansa. Haƙa rami a cikin laka a cika da yashi kuskure ne, ramin kwano yake zama ya tara ruwa.

In damina ta wuce kar ka kwashe su daga inuwa ka jefa tsakiyar rana lokaci ɗaya, fatar ta saba da inuwa wata biyu, ranar Oktoba kuma da zafi take fitowa, kwana ɗaya ya isa ta ƙona gefe guda ya yi fari. Ka fara da ranar safe awa biyu, bayan kwana uku ko huɗu ka ƙara, a cikin sati biyu ya koma wurinsa. Wanda aka yanka ya fi buƙatar wannan lallaɓawar, shi ka bar shi da ranar safe kawai har sai ya yi wata guda da kama ƙasa. Wurin da ya ɗan yi ɗorawa amma bai yi laushi ba, in saiwa ta dawo aiki sau da yawa yakan sake komawa kore a hankali cikin wata ɗaya ko biyu, wanda ya bushe ya zama tabo kuwa haka zai zauna a jikinsa, sabon tsiron da zai fito a sama shi ne zai zo kore tas.